Garaɓasar Ƙaramar Sallah: Sharuɗɗan Shiga Ƙuri'ar Kyauta

Assalamu alaikum. Shagonmu na atamfa, shadda da leshi da ke cikin Babbar Kasuwar Katsina zai raba wa abokan cinikinsa kyaututtuka ta hanyar ƙuri'a albarkacin Sallah. A daure a karanta sharuɗɗan nan kafin a jefa tikiti. Wanda bai iya karatu ba, yaran shago za su karanta masa.

Da farko dai, wannan kyauta ce, ba caca ba. Allah Ya haramta caca a aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida, kuma ba za mu haɗa dukiyarmu da ita ba, balle a watan azumi. Saboda haka tikiti ba na sayarwa ba ne, ko naira ɗaya ba a biya. Ba mu ƙara ko kwabo a kan farashin kaya don mu fanshe kuɗin kyaututtukan ba, daga ribar shago muka ware su. Muna roƙon kada kowa ya sayi turmin da ba ya buƙata don kwaɗayin tikiti, domin malamanmu sun ja mana kunne a kan haka. Shi ya sa ko ba ka sayi komai ba, in ka zo da ƙafarka za a ba ka tikiti ɗaya. Ita ƙuri'a a kanta halal ce: ya tabbata Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya.

Za a fara ba da tikiti ranar 1 ga Ramadan, a rufe bayan la'asar ranar 28, bisa sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi. Cinikin ₦20,000 zuwa sama yana da tikiti ɗaya, kuma mutum ba zai wuce tikiti biyar ba komai yawan sayayyarsa, don kada 'yan sari su cika akwati su bar mai sayen ɗinkin yara. Sai mai shekara 18 zuwa sama. Mu masu shago, yaranmu da iyalan gidajenmu ba ma ciki.

Kyaututtukan: firji ɗaya, keken ɗinki biyu, buhun shinkafa mai kilo 50 guda biyar, da turmin atamfa ashirin. Suna nan jere a ƙofar shago, kowa ya zo ya gani da idonsa. Ba a musanya su da kuɗi, kuma mutum ɗaya kyauta ɗaya zai ci.

Ga abin da aka buga a bayan kowane tikiti: "An ba ni wannan tikiti kyauta. Na ji sharuɗɗa kuma na amince. Riƙe tikiti ba alkawarin cin kyauta ba ne." A rubuta suna da lambar waya a rabin da za a jefa cikin akwati, a adana ɗaya rabin. Hajiya da ke gida za ta iya aiko ɗanta, amma sunanta za a rubuta.

Za a buɗe akwatin rana ta uku ga Sallah, bayan an gama Hawan Bariki gari ya lafa, da ƙarfe 11 na safe a gaban shago. Akwai kwaɗo biyu a jikinsa, makulli ɗaya a hannunmu, ɗaya a wurin wani dattijo cikin shugabannin kasuwa. Za a juye tikitin cikin babban daro a cakuɗa a bainar jama'a, sannan a kira ƙaramin yaro daga cikin 'yan kallo, a ɗaure masa ido, ya riƙa zarowa ana karanta lamba da lasifika. Duk mai son ɗaukar bidiyo ya ɗauka.

Ba sai kana wurin za ka ci ba. Za mu kira ka, kuma mu liƙa lambobin da suka ci a ƙofar shago. Ka zo cikin kwana 14 da rabin tikitinka da katin shaida mai hoto. In wa'adin ya wuce, za a sake zaro wani a gaban shaidun nan dai. Tikitin da aka kankare ko aka yi jabunsa ya faɗi.

A nan muna so a buɗe kunne sosai, don lokacin Sallah ne 'yan damfara suke baza komarsu. Ba za mu taɓa neman kuɗin mota, katin waya, lambar BVN ko lambar sirrin banki ba. Duk wanda ya kira ka da sunanmu ya ce sai ka tura wani abu kafin a ba ka firji, kashe wayar ka zo shago. Lambar wayarka amana ce a hannunmu kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanada: don ƙuri'ar kawai muka karɓa, ba za mu ba kowa ba, kuma ba za mu sa hotonka a talla ba sai da izininka. Bayan kwana 30 za a ƙona ragowar tikitin.

Da zarar an fara, ba za mu sauya ko sharaɗi ɗaya ba. Mai ƙorafi ya fara kawo mana, ko ya kai wa shugabannin kasuwa. In bai gamsu ba, yana da 'yancin kai ƙara hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya, wato FCCPC.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya kai mu Sallah lafiya.

Sa hannu: Masu shago