Sadiƙ, ga wasiƙar Hajiya nan na gyara, kar ka tura waccan

Salam Sadiƙ, ya aiki. Na karanta imel ɗin da ka turo min da safe, wanda za ka tura wa Hajiya kan ragowar kuɗin abincin kaji da muke bin ta, na gode Allah da ka fara nuna min kafin ka danna tura, don wallahi da ya isa wajenta a Rigachikun a yadda yake da Oga ne zai ɗau mota daga Kakuri ya je ba da haƙuri da kansa. Na san da Turanci ka rubuta ka zuba a injin fassara, kuma Turancin naka ba laifi, na gani. Amma abin da ya fito da Hausa ba maganar da za a yi wa uwa ba ce, balle kwastomar da ta yi shekara shida tana ɗaukar abincin kaji a wajenmu.

Duba farkon kawai:

"Masoyiya Madam, ina fata wannan imel ya same ka da kyau."

Masoyiya fa Sadiƙ! Matar da ta haifi kamarka. Kalmar da Turawa ke buɗe wasiƙa da ita ce injin ya ɗauko ya juya, su a wajensu ba ta ɗauke da komai, mu kuwa ka san inda ake faɗar masoyiya. Sannan ya ce "same ka". Turanci kalma ɗaya gare shi ko namiji ake wa magana ko mace ko jama'a, to injin sai ya yi ta canki-canka, layi na farko "ka", layi na uku "ki", can ƙasa ya koma "ka" kuma. Ni duk na mayar da su "ku". Ba wai ce mata "ki" zagi ba ne, ko a waya ai "Hajiya kin tashi lafiya" muke cewa, amma a takardar ofis "ku" ta fi nauyi, kuma ta haɗa da manajanta da mai riƙe mata lissafi, ka ga maganar bashin ba ta tsaya a kanta ita kaɗai kamar ana nuna ta da yatsa ba.

Sai wajen da ya ce "kana da fitaccen ma'auni na N850,000". Na karanta sau uku kafin na gane ragowar kuɗi ake nufi. Wanda bai ji Turanci ba zai ɗauka sikeli muke tallatawa. Haka "da fatan za a nemo takardar da aka haɗe", me ya ɓata da za a nemo? Mun haɗo takardar lissafi, shi ke nan.

Amma duk waɗannan ƙanana ne, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wannan:

"Dole ne ka biya kafin 30 ga wata. Rashin yin haka zai haifar da dakatar da kaya."

Ka karanta shi da ƙarfi ka ji. Kamar takardar sammaci daga kotu. Ba sallama, ba gaisuwa, ba a tambayi gida ba, ba a tambayi gona ba, kawai dole, kuma ka san watan jiya zafin nan ya kashe mata kaji da yawa, direbanmu da ya kai kaya ya dawo yana ba da labarin yadda ya tarar ana kwashe su a baro. Mutum na cikin wannan hali ka aika masa "dole"? Ko kuɗin na hannunta sai ta ji ba daɗi, ta biya ta koma wajen wasu, masu sayar da abincin kaji kuwa ba su ƙare a Kaduna ba. Mu ai sai a yi sallama, a gaisa, a jajanta, a gode da hulɗa, sannan a shigo da maganar kuɗi da "muna tunatarwa" da "muna roƙo". Sai dai kuma kar ka ce don ladabi za ka ɓoye adadi ko rana, wannan shi ne kuskuren da wasu ke yi, a yi ta zagaye-zagaye har a gama wasiƙa ba a san nawa ake bi ba. Kuɗin da ranar na bar su ƙuru-ƙuru. Maganar tsayar da kaya ma ban cire ba tunda Oga ya ce a saka, na dai faɗi dalilinta na gaskiya ne.

Ga ta nan, ka kwafa yadda take:

Batu: Tunatarwa kan ragowar kuɗin abincin kaji

Assalamu alaikum warahmatullah.

Hajiya, ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, muna fata kuna lafiya tare da iyali da dukkan ma'aikata. Mun samu labarin asarar kajin da aka yi a gona watan da ya wuce, muna jajanta muku, Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Muna godiya ƙwarai da daɗaɗɗiyar hulɗar da ke tsakaninmu da kuma amanar da kuke ba mu.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne mu tunatar da ku game da buhu 120 na abincin kaji masu ƙwai da muka kawo ranar 4 ga wannan wata. Mun karɓi kason farko da kuka turo, mun gode. Ragowar da ke cikin lissafinmu ita ce naira 850,000. Mun haɗo takardar lissafin tare da wannan saƙo domin a duba, idan an ga wani wuri da bai dace da naku lissafin ba, a sanar da mu mu gyara.

Muna roƙon idan da hali a taimaka a kammala biya zuwa ranar 30 ga wata, saboda da kuɗin ne muke sayen masara da waken suya na haɗi na gaba, kuma sai an rufe wannan lissafi za mu iya fitar da kayanku na wata mai zuwa a kan lokaci. Idan kuma ranar ta yi kusa saboda halin da ake ciki, muna maraba da a kira mu a zauna a tsara yadda za a biya kashi-kashi.

Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a kasuwa.

Wassalam.

Naku,
Sadiƙ
Sashen Kuɗi, Kakuri, Kaduna

Maganar biya kashi-kashin nan ba daga kaina na sa ba, na tambayi Oga yanzu ya ce ba komai, ya yarda. Ƙarshen da injin ya ba ka kuwa, wai "gaisuwa mai kirki", na goge, ba wanda ke rufe wasiƙa haka.

Abu biyu kafin ka tura. Ka tabbata ka liƙa takardar lissafin da gaske, ta wannan watan, ba ta watan jiya ba, don na ga duka biyun suna fayil ɗaya a kwamfutarka. Sannan ka duba ƙugiyoyin haruffa bayan ka kwafa, wani lokaci ƙ da ɗ da ɓ sukan koma akwati-akwati a wayar wasu, in ka ga haka ka gaya min in turo maka ta PDF. Idan ta tafi ka bari sai bayan la'asar ka kira manajanta ka ce an aiko da saƙo, ita Hajiya ni zan kira ta da kaina gobe in gaishe ta in yi mata jaje.