Lissafin Kuɗin Haya na Watan Satumba 2025, Gidan Sabon Gari, Tawa

Mai gida: Alhaji Mamman Sani. An rufe lissafin ranar Talata, 30 ga Satumba 2025. Kuɗin duka sefa ne.

Laminu, tun da kai za ka riƙe littafin nan har in dawo daga Abijan, ga yadda gidan ya kwana a ƙarshen wata. Ɗakuna 6 ne da shaguna 2 na bakin hanya.

| Wuri | Ɗan haya | Hayar wata | Ranar biya | Bashin baya | Jimilla | Abin da ya biya | Ranar da ya kawo | Saura zuwa Oktoba |
|---|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Ɗaki 1, ciki da falo | Malam Isufu, malamin lakol | 25,000 | 5 | 0 | 25,000 | 25,000 | 4 | 0 |
| Ɗaki 2, ciki da falo | Habsatu, matar Salisu | 25,000 | 10 | 40,000 | 65,000 | 50,000 | 18 | 15,000 |
| Ɗaki 3 | Abdu ɗan kabu-kabu | 12,500 | 5 | 7,500 | 20,000 | 10,000 | 7 da 21 | 10,000 |
| Ɗaki 4 | Nuhu da Ali, ɗalibai | 12,500 | 15 | 25,000 | 37,500 | 0 | ba su kawo ba | 37,500 |
| Ɗaki 5 | Inna Hadiza mai ƙosai | 10,000 | 1 | 0 | 10,000 | 10,000 | 1 | 0 |
| Ɗaki 6 | Sani bakanike | 12,500 | 5 | 0 | 12,500 | 12,500 | 9 | 0 |
| Shago na gabas | Garba tela | 20,000 | 1 | 0 | 20,000 | 40,000 | 2 | rarar 20,000 |
| Shago na yamma | Hamisu mai butik | 30,000 | 1 | 60,000 | 90,000 | 15,000 | 25 | 75,000 |
| Jimilla | | 147,500 | | 132,500 | 280,000 | 162,500 | | bashi 137,500 |

Kada 162,500 ɗin nan ta ruɗe ka ka ce watan ya yi kyau. Jika 20 a ciki ta Oktoba ce Garba ya biya tun yanzu, jika 8 kuwa ba ta taɓa hannuna ba, gyara ce. Abin da na ƙirga da hannuna 154,500 ne. Bashin da muke bin mutane ya ƙaru da jika 5 kan na Agusta.

Ƙa'idar littafin ɗaya ce: duk kuɗin da ɗan haya ya kawo, tsohon bashi yake fara ci. Ko ya ce "wannan na watan nan ne", ka rubuta a kan wata mafi daɗewa, ka faɗa masa a gabansa, ka ba shi rasi mai kwanan wata, ka rubuta masa sauran a bayan rasin. Yawancin rigimar haya daga nan take tashi, mai gida na cewa Yuli, ɗan haya na cewa Satumba, babu takarda a hannun kowa.

Ɗaki 2. Jika 40 ta baya ita ce ragowar Yuli 15,000 da Agusta 25,000. Salisu ya aiko daga Libiya, Habsatu ta karɓo, ko gida ba ta shiga ba ta biyo wurina da kuɗin ƙulle a bakin zane. Jika 50 ta share na baya, 10,000 ta shiga Satumba, saura 15,000. Kada ka buga mata ƙofa, kada ka yi mata maganar kuɗi a tsakar gida gaban mata. Mai miji a ci-rani ba ta da ranar albashi. In ranar 10 ta wuce, ka sa innarka ta leƙa ta gaishe ta, ya isa.

Ɗaki 3. Abdu ba ya iya tara 12,500 lokaci guda, amma ran Lahadi, ranar kasuwar Tawa, yana samu. Ka tare shi bayan magariba kafin ya shigar da babur, ko jika 2 ya miƙo ka karɓa ka rubuta nan take.

Ɗaki 4. Yaran nan na jami'ar Djibo Hamani sun tafi hutu gida, ɗaya Keita, ɗaya Buza, kayansu na ciki, ƙofa a kulle. Wata uku ke nan: Yuli, Agusta, Satumba. Mahaifin Nuhu ya kira ni ya ce in sun dawo zai aiko da jika 25. Na yarda, amma ban rage komai a shafi ba, domin alkawari ba ya shiga layin biya. Kada a taɓa kwaɗon ɗakin.

Inna Hadiza, Allah ya saka mata, ba ta taɓa kai ranar 2 ba.

Ɗaki 6. Ruwan Agusta ya ɓalle indararo, bango ya fara shan ruwa ta bayan ɗakin Sani. Shi ya sayo siminti ya kira magini, ya kashe jika 8, na ga aikin da idona. Don haka ya kawo 4,500, na rubuta masa cikakken wata. Wannan da izinina aka yi. Duk wanda ya yi gyara bai faɗa maka tukuna ba, ba a cire masa daga haya.

Shago na yamma shi ke hana ni barci. Hamisu bai biya Yuli ba, bai biya Agusta ba, jika 15 da ya kawo ranar 25 rabin Yuli kawai ta ci. Saura: Yuli 15,000, Agusta 30,000, Satumba 30,000. Kuɗin ajiyarsa na wata biyu, 60,000, yana hannuna, kuma yanzu bashin ya haura shi da jika 15. Abin da ya ɓata mini rai, shagon ba kwance yake ba. Makon jiya na ga ana sauke masa katan-katan na taliya da jarkokin mai. Mun zauna gaban mai unguwa da shaidu biyu, ya ɗauki alkawarin 45,000 kowane wata daga Oktoba, wato hayar wata da 15,000 na baya, bashin ya ƙare a Fabrairu 2026. Takardar na cikin bangon littafin. In 10 ga Oktoba ta yi bai cika ba, kada ka yi cacar baki da shi, ya girme ka. Ka sanar da mai unguwa, ka kira ni.

Abin da ke kan kowa a Oktoba, haya da bashin baya a haɗe:

| Wuri | Abin karɓa |
|---|---|
| Ɗaki 1 | 25,000 |
| Ɗaki 2 | 40,000 |
| Ɗaki 3 | 22,500 |
| Ɗaki 4 | 50,000 |
| Ɗaki 5 | 10,000 |
| Ɗaki 6 | 12,500 |
| Shago na gabas | 0 |
| Shago na yamma | 105,000 |
| Jimilla | 265,000 |

Watan komawa lakol ne, Malam Isufu na da yara uku da za a yi wa sayayya. In ya kai 10 ga wata kada ka ɗauke shi a matsayin jinkiri. Kuɗin wutar NIGELEC da na famfo ba sa shiga wannan shafi, suna cikin ƙaramin littafi mai jan bango, ana raba su ne ranar da takarda ta zo. Kuɗin ajiyar ƴan haya amana ne, kada ka taɓa shi ko don gyara. Ranar 31 ga Oktoba ka ja layi, ka ɗauki hoton shafin ka turo mini ta waya.

Alhaji Mamman Sani