Ƙanwata, ga yadda za ki tsare sauran mutanen gida

Assalamu alaikum ƙanwata. Ya mai jiki? Tun da kika ce min tarin Baba ya shiga mako na 3, ga kuma autarki ta kwana tana gudawa, hankalina bai kwanta ba. Karanta wannan a tsanake.

Tari ta iska yake bi, gudawa kuma ta hannu take shiga baki. Kowanne da ƙofar da za ki toshe masa.

Baba ya koma ɗaki shi kaɗai, taga a buɗe dare da rana ko da ya yi ƙorafin sanyi. Ki ƙara masa bargo, amma kada ki rufe tagar, don a rufaffen ɗaki ne ƙwayar cutar take daɗewa a cikin iska. In za ki shiga, ke da shi ku sa takunkumi, ki zauna nesa da shi kamar mita 1 ko fiye. Kakin da ya tofar ya zama cikin gwangwani mai murfi. Na san jikokinsa sun saba hawa cinyarsa, kuma zai ji ba daɗi, amma ki lallashe shi su riƙa gaishe shi daga bakin ƙofa. Tarin da ya wuce mako 2 sai an gwada kaki a asibiti, ko tarin fuka ne. In shi ne, magani na wata 6 yana warkar da shi, kuma za a duba duk 'yan gida, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Ta auta kuwa, aikin hannunki ne. Duk lokacin da kika yi mata tsarki ko kika zubar da fo, ki wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ɗauraya da ruwa zalla ba ta wadatar ba. Kashinta masai za ki zuba shi nan take. Fo ɗin da kayan da ta ɓata ki wanke su daban, ki sa bilic, kada ki gauraya shi da wani sinadarin wanki. Kofinta da tawul ɗinta nata ne ita kaɗai. In da hali, wani ya karɓe ki girki a kwanakin nan. Ruwan sha a tafasa, a rufe.

Ita kuma ki dama mata ORS, ƙunshi 1 a lita 1 ta ruwa mai tsabta, abin da ya kai awa 24 ki zubar. Idan idonta ya faɗa, ko ta kasa sha, ko kika ga jini, ko kashin ya koma kamar ruwan wankin shinkafa, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne.

Ke ma ki ci ki yi barci, don Allah. Ki kira ni gobe da safe bayan an karɓi kakin Baba. Allah Ya ba su lafiya.

Yayarki