Ga 'yan sintiri da masu awaki: yadda za ku gane sawun abin da ke shigo mana garke

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai unguwa ne ya ce in rubuto wannan a turawa kowa, saboda awakin nan huɗu da aka rasa a unguwar gabas cikin satin nan, kowa sai cewa yake kura ce kura ce, har na ji wasu matasa na maganar a zuba guba a mushe a ajiye bakin fadama. Dan Allah kar wanda ya yi wannan, dabbar da ta shigo ta bar sawu a ƙasa kuma ana iya gane ta. Mu da muke maƙwabtaka da dajin Yankari abin da ke ratsa gonakinmu da dare yana da yawa, in baka iya rarrabewa ba sai ka kashe wanda bai ci maka komai ba shi kuma mai ɓarnar gobe ya dawo.

Da farko lokacin dubawa. Ku fita bayan asuba da zarar gari ya waye, kafin a saki dabbobi su tattake wurin, ka tsaya yadda sawun zai kasance tsakaninka da rana, lokacin tana ƙasa ƙasa inuwa na faɗawa cikin ramin sawun komai ya fito raɗau. Da rana tsaka ba abin da zaka gani. In da dare ne kar ka haska tocila daga sama, kwantar da ita kusa da ƙasa ka hasko ta gefe. Sannan ka san irin ƙasar da kake kallo, taɓo mai ruwa ruwa yana buɗe yatsun dabba sawun ya fi ainihin ƙafar girma, busasshen rairayi kuma rushewa yake gefen ya cike farce ya ɓace, wanda ya fi faɗin gaskiya shine laka mai ɗan danshi ko jiƙaƙƙen yashin bakin rafi. Kuma sawu ɗaya baya isa, bi layin ka samu biyar ko goma ka zaɓi waɗanda suka fi fitowa.

Toh sai ƙirga yatsu. Kofato ɗaya dunƙulalle jaki ne ko doki, wannan ko yaro ya sani. Kofato rabe biyu nan ne su akuya da tunkiya da saniya, da na daji irin gada da mazo da gwanki da ɓauna. Na gada ƙarami ne mai tsini sosai a gaba, na akuya bakinsa a dakushe yake kuma ya fi buɗewa. Gadu ma biyu ne amma gajere mai kauri, in taɓon da zurfi zaka ga wasu 'yan ɗigo biyu a baya, ƙananan kofatansa ne suka taɓa. Yatsu biyar masu tsawo da tafi, na ƙafar baya da babban yatsa a ware gefe, gwaggon biri ne, masu masara sun san shi. Biyar da dogayen farata a ƙafar gaba wanda tabonsu ya yi nisa da yatsun, ka yi zargin dage, musamman in akwai amya kusa. Gafiya da kurege huɗu a gaba biyar a baya. In ka ga layi ja a tsakiyar sawun yana karkacewa, jela ce, damo ko guza, in a bakin ruwa ne kuma sawun babba to kada ne, shi biyar ne a gaba huɗu a baya, a hana yara wanka a wurin. Dorina yatsu huɗu manya a baje, faɗin sawun ya fi tafin hannun babban mutum nesa ba kusa ba.

Amma wanda ya dame mu yanzu masu dagi ne masu yatsu huɗu, wato kare, dila, kura, da dangin kyanwa tun daga muzurun daji har damisa da zaki. Duk huɗu huɗu suke nunawa, don haka ƙirga kaɗai bata raba su, sai ka durƙusa ka dubi gaban kowane yatsa. Dangin kyanwa suna ɓoye faratansu in suna tafiya, ba zaka ga tabon farce ba sai dai in santsi ya kwashe ta ko ta yi tsalle kan abu. Kare da dila da kura kuwa faratansu a waje suke kullum, gaban yatsa zaka ga ɗan rami ko ɗan tsaga. In ƙasar ta yi tauri farcen bai fito ba, koma kan tudun naman nan na tafin dagin ka kalli gefensa na baya, na dangin kyanwa tudu uku ne a jere, na kare da kura biyu ne. Kuma sawun kyanwa a kewaye yake, faɗinsa kusan ɗaya da tsawonsa, na kare ya fi tsawo.

Raba kare da kura shine inda mutane suka fi faɗuwa, don haka ku karanta nan a hankali. Sawun kare daidai yake hagu da dama, in ka ja layi ta tsakiya ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, yatsun 'yan ƙwai ƙwai da ɗan fili tsakaninsu da tafin. Na kura a karkace yake, gefen baya na tafin ya zame gefe ɗaya, yatsun manya ne a matse jikin juna ba fili, na gefe biyun kuma a lanƙwashe suke kamar ƙwayar wake sun rungumo na tsakiya, faratan gajeru masu kauri ba tsini. Babbar shaida kuma ita ce ƙafar gaban kura ta fi ta baya girma sosai, don ƙirarta kenan gaba a tashe baya a zube, sai ka ga babba da ƙarami babba da ƙarami a layi ɗaya har wani ya ce ai biyu ne suka zo uwa da ɗa, alhali guda ce. Kare ma na gabansa ya ɗan fi amma ba kamar haka ba. Dila kuwa sawunta ƙarami ne siriri, wajen santimita 5, yatsun tsakiya biyu sun yi gaba sosai.

Awo kuma ba sai da tef ba, kowa na da katin zaɓe a aljihu, tsawonsa santimita 8 da rabi ne faɗinsa 5 da ɗan kai. Ajiye shi gefen sawun, banda farce a awon. Sawun karnukan garinmu baya cika tsawon katin. Na gaban babbar kura mai dabbare dabbare yana wuce katin, wajen 10 zuwa 11. Damisa tana kusa da tsawon katin ko ta ɗan wuce, amma ba farce. Zaki ya kai 12 zuwa sama, kuma 'yan kaɗan ne suka rage a Yankari, kar wanda ya tayar wa mutane hankali da sunan zaki sai an auna an gani.

Sai tazarar taku, wadda yawancinmu bama kulawa da ita kwata kwata. Ba daga wannan sawu zuwa na kusa da shi ake aunawa ba, ka nemi ƙafa ɗaya, a ce ta gaba ta dama, ka auna daga bayan sawunta zuwa bayan inda ita dai wannan ƙafar ta sake sauka. Samu kara ka karya daidai tsawon, sai ka bi layin da shi kana gwadawa. In dabba na tafiyarta a natse tazarar bata canzawa, kuma tana nuna maka tsawon jikin dabbar, don bata cika nisa da tsakanin kafaɗa da ƙugu ba sai ɗan ƙari. In ta fara sassarfa tazarar ta ƙaru layin ya tsuke, in gudu ne sai sawun ya taru huɗu huɗu da fili mai tsawo a tsakani, yatsu a baje ƙasa ta fallatsa baya. Zomo ma haka yake, dogayen ƙafafun baya biyu su ke sauka gaban na gaba, shi yasa yara ke bin sawunsa ta baya. Amfanin wannan awon shine yana tona ƙaryar taɓo, in sawu ya yi girma amma taku gajere to ƙaramar dabba ce laka ta buɗe mata ƙafa. Shawarata kowa ya jiƙa ƙasa a ƙofar gida ya sa karensa ya ratsa, ya auna sawun da takun ya ajiye karan, kaga ka samu ma'auni. Kuma ka kalli halin tafiyar, kare yawo yake nan ya shinshina can ya koma ya yi fitsari jikin kututture, naman daji kuwa baya ɓata ƙarfinsa, dila miƙewa take ɗoɗar, kyanwa da damisa sau da yawa ƙafar baya cikin sawun ta gaba take sauka ko dab da shi.

Yanzu ga abin da muka gani jiya ni da sarkin baka a bayan garken da aka yi ɓarnar. Yatsu huɗu, farce ya fito siriri, sawun daidai hagu da dama, babban cikinsu bai kai tsawon kati ba, kuma girma uku ne daban daban, sun shiga ta inda dangar kara ta faɗi sun yi ta zagaye a ciki. Akuyar da aka samu da sauran rai a cinya da ciki aka yayyage ta, ba a ci wani abin kirki ba, ƙashi duk lafiya lau. Wannan aikin karnuka ne, wallahi ba ni da shakka, kuma layin sawun cikin gari ya nufa ba daji ba. Kura in ta kama akuya ɗauke ta take, ta tauna har ƙashi. Damisa a maƙogwaro take kamawa ta ja ta kai duhuwa ko kan bishiya, zaka ga layin jan a gefen sawunta.

Eh akwai kura, bazan ɓoye muku ba, mun ga sawunta a yashin rafi can ƙasa da mashayar shanu, ya wuce kati, babba da ƙarami, har da kashinta da ya bushe ya yi fari saboda ƙashin da take ci. Amma ta bi rafin ne ta yi kudu wajen da aka yar da mushen saniya, ko kusa da gidaje bata zo ba. In aka sa guba ita zata ci, ungulaye su ci su zube, karnukan farautarmu su ci, ruwan sama ya wanke sauran ya kai mashaya inda shanunmu da yaranmu ke sha.

Abin da muke roƙo, duk wanda aka shiga garkensa kar ya bari jama'a su taru su tattake wurin, ya kifa kwano ko tsohon bokiti kan sawu biyu uku masu kyau, ya ɗauki hoto daga sama tsaye da kati a gefe, ya ƙara wani hoton na layin tafiyar gaba ɗaya, sannan ya aiko yaro ya kira ɗaya daga cikinmu kafin rana ta ɗaga. Masu karnuka a unguwar gabas a ɗaure su daga magariba har asuba na sati biyu mu gani, masu garke kuma a gyara danga a ƙara ƙaya ta ƙasa. Gobe in Allah ya kaimu bayan la'asar za mu share bayan garken nan mu watsa yashi mu yayyafa ruwa, duk abin da ya ratsa da dare za mu same shi da safe, matasan sintiri masu son koyo su zo da katinsu da kara.