Lumshe Ido, Ga Ni Nan

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.
Dare ya raba, iska ta kwanta,
Lumshe ido, ga ni nan.

Yau kwana 3 da zuwanki,
Baƙuwata mai ɗan ƙaramin baki.
Ba ki zo da jaka ba, ba ki zo da magana ba,
Amma ke kaɗai kin cika mana ɗaki.

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.

Wata 9 kina cikina,
In na tashi mu tashi, in na kwanta ki hau shurina.
Tun kina can kike jin muryata,
Tun kina can kike jin bugun zuciyata.
Ba ta sauya ba, ita ce dai,
Sa kunnenki nan a ƙirjina.
Kin ji ta ko? Dum, dum, dum,
Ba ta gajiya, ba ta zuwa ko'ina.

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.
Dare ya raba, iska ta kwanta,
Lumshe ido, ga ni nan.

Kin sha nono, kin yi gyatsa a kafaɗata,
Shaƙuwa ta zo, shaƙuwa ta tafi abinta.
To wannan kukan na mene ne, uwata?
Kuka mai ƙarfi, ko ɗigon hawaye babu,
Kin yamutsa fuska kamar an ci bashinki ba a biya ba.
Yi haƙuri, na ji, na karɓi laifin,
Duniya ta yi miki faɗi, ciki ya fi ɗumi.
Zo in naɗe ki a zane mai laushi,
Ki ji kamar ba ki bar gidanki na da ba.

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.

Ƙofa ce ta motsa, ba kowa,
Kika zabura, kika watsa hannuwa.
Ba faɗuwa za ki yi ba, ina riƙe,
Ga yatsana, damƙe shi, riƙe da kyau.
Kai, ji ƙarfi a hannun da bai kai ganye ba!
Ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar,
Kowane yatsa da ɗan farcensa.
Na ƙirga jiya, na ƙirga ɗazu,
Gobe ma sai na sake ƙirgawa.

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.
Dare ya raba, iska ta kwanta,
Lumshe ido, ga ni nan.

Tsuntsu ya sa kai a ƙarƙashin fiffike,
Kyanwa ta naɗe jela ta kwanta.
Gyare kaɗai ya rage yana waƙa,
Shi da ni ne masu hira.
Babanki ya ce tare za mu yi reno,
Ga shi can, barci ya sace shi a zaune.
Kar ki tashe shi, bar shi ya huta,
Da asuba sai mu miƙa masa ke.

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.

Wata ya leƙo ta taga yana tambaya,
Na ce masa yi a hankali, baƙuwa na barci.
Idonki bai kai can ba tukuna,
Iyakar ganinki daga ƙirjina zuwa fuskata.
Ya ishe ki haka, 'yar auta ko ta fari,
Taurari ba sa gudu, za su jira ki girma.

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.

Maɗigarki na bugawa a hankali,
Ina kallo ina sa albarka.
Cibiya za ta bushe ta faɗi da kanta,
Wuya zai yi ƙwari, ki ɗaga kai.
Za ki yi murmushi, za ki yi zama,
Za ki yi rarrafe ki ja mini zane,
Wata rana ki ruga in kasa kamo ki.
Allah ya raya mini ke in gani.
Amma ba yau ba, uwata, ba yau ba,
Yau aikinki ɗaya ne, barci.

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.
Dare ya raba, iska ta kwanta,
Lumshe ido, ga ni nan.

Ga hamma ta zo, ga ido ya yi nauyi,
Hannu ya saki yatsana.
Bari in shimfiɗe ki rigingine,
A hankali, a hankali, kar ki ji.
In kin farka cikin dare ki nemi nono,
Ɗan motsi kaɗan, zan ji ki.

Lumshe ido, 'yar lelena,
Lumshe ido, ga ni nan.
Ga ni nan,
Ga ni nan,
Mmm, mmm, ga ni nan.