Tsarin ƙarfen sabis na sabon wurin arewa da Gumel: tsayi, sunkuyon eriya da yawan layuka

Salam Yallaɓai Injiniya, barka da aiki. Ga abin da na tsara kan wurin nan na gabas da titin Gumel zuwa Maigatari, ka duba kafin a tura wa masu harhaɗa ƙarfe. A taƙaice mita 45 nake so mu yi, ba 60 da ake ta magana ba, sekta uku, 900 MHz na kira, 800 MHz na 4G.

Filin yana kan ɗan tudun jigawa a bayan gari, wajen mita 700 daga masallacin Juma'a, iyakar Nijar kuma kilomita 7 ta arewa. Ƙasar shimfiɗe take ba dutse ba kwari, abin da zai tare sigina bishiyoyi ne kawai, darbejiyar cikin gari da kuka da tsamiya, mafi tsayinsu na ba su mita 15. Gawo ba ya damuna sosai tunda da damina yake zubar da ganye, darbejiya ce matsalar, ta rufe gari ruf kuma ba ta rabuwa da ganye. Ga katangar ƙasa mai kauri da rufin kwano, shi ya sa na yi lissafi da mutumin da ke cikin ɗaki, don matan gari a cikin gida suke amsa waya ba a bakin titi ba.

Maganar tsayi. Idan nisan da eriya ke hangowa ne kawai, ga lissafin, h da mita, d da kilomita:

```
d = 4.12 × (√h1 + √h2)
```

Mita 45 da waya a hannun mutum (mita 1.5) yana ba da kusan kilomita 33, mita 60 kuma 37. Amma ai ba wanda zai yi kira daga can, ƙaramar wayar nan mai tocila ba ta da ƙarfin da za ta mayar wa ƙarfe amsa daga wannan nisan, abin da nake sa rai na gaske kilomita 8 zuwa 10 ne a waje, cikin ɗaki kuma 4 zuwa 5. Da lissafin raguwar sigina na Okumura-Hata a nisan kilomita 10, daga mita 36 zuwa 45 muna samun ƙarin kamar 2 dB, daga 45 zuwa 60 kamar 2.5 dB. To wannan 2.5 ɗin za mu biya shi da ƙarin ƙarfe da babban fandisho a ƙasa mai yashi, ga iskar farkon damina ta yankin nan da ke ɗauke rufin gidaje, sannan abin da ya fi damuna, sigina zai tsallaka Nijar kuma ya riƙa shiga wa ƙarafunanmu na Gumel da Maigatari. Mita 36 kuma ta yi kaɗan saboda dish ɗin da zai haɗa mu da Gumel. Nisan kilomita 18 ne a 13 GHz, a tsakiyar hanya lanƙwasar doron ƙasa tana cin kusan mita 5, sararin Fresnel da siginar ke buƙata mita 10, bishiya 15, ka ga 30 kenan, ina so dish ya zauna a mita 38 a samu sarari ko da bishiyoyin sun ƙara girma, eriya kuma a can sama.

Sunkuyon eriya nan ne nake roƙon kar a bar wa masu hawa su yi da ido. Eriyar da ke sito faɗin haskenta daga sama zuwa ƙasa digiri 7 ne, wato 3.5 sama da tsakiya 3.5 ƙasa.

Sekta A tana kallon arewa, digiri 10. Rugagen Fulani ne da ƙauyuka biyu ƙanana, duk ba su wuce kilomita 5 ba. Na sa mata sunkuyon digiri 4, gefen sama na hasken zai sauka a wajen kilomita 5, daga nan ya fara raguwa kafin iyaka. Ba zai yanke tsaf ba, sigina bai san shingen kwastan ba, amma zai ragu yadda ba za a kawo ƙorafi daga can ba. Kar kuma a wuce 4, don a digiri 5 gefen saman yana dawowa kilomita 1.7, rabin mutanen rugagen sun fita kenan, kuma su ne suka fi kowa wahalar sabis yanzu, sai sun hau bishiya ko su kama na Nijar a cinye musu kati.

Sekta B digiri 130, ita ke kallon gari da kasuwa, sunkuyonta digiri 3, tsakiyar hasken na sauka a mita 860, kusan kan kasuwar. Sekta C digiri 250, titi da ƙauyukan yamma har kilomita 9, digiri 2 ya isa. Duka ukun a yi da sunkuyon lantarki ta RET, a bar na ƙarfe a sifili, saboda in ka sunkuyar da jikin eriya gaba yana sauka amma gefe-gefe ba sa sauka daidai, bayanta kuma ya ɗaga sama.

Yawan layuka. Daga abin da dagaci da masu cajin waya suka faɗa min na ƙiyasta layi 1,500 masu aiki a shekarar farko, 250 a A, 750 a B, 500 a C. Na ɗauki 25 mErl kowane layi, wato kiran minti ɗaya da rabi a awa, a lokacin cunkoso, nan kuma bayan magariba ne zuwa ƙarfe tara, da toshewar kira kashi 2 cikin 100 a teburin Erlang B. TRX biyu, wato na'urorin aikawa da karɓar kira, suna ba da hanyar magana 14, wato 8.2 Erl, layi 328, ya ishi A. TRX uku hanya 22, 14.9 Erl, kusan layi 600, na C kenan. B sai huɗu, hanya 29, 21 Erl, layi 840. Jimla 1,760 da ɗan kai.

Sai dai wannan lissafin ranar banza ce. Ranar Litinin da kasuwar garin ke ci mutanen ƙauyuka duk suna tarewa a ƙarƙashin B, ranar Alhamis kuma motocin dabbobi masu zuwa kasuwar Maigatari suna cika titi a C, dillalai ba sa ajiye waya. Don haka a kunna half rate, mai raba hanya ɗaya ga kira biyu, ya riƙa shiga da kansa idan hanyoyi suka kusa cika, murya za ta ɗan ragu amma kira zai shiga, mai sayar da rago abin da yake so kenan.

A 4G muna da 10 MHz, na sa matsakaicin 15 Mbps kowace sekta, in muka tsaya a kashi 70 ya zama kamar 10, a raba da 40 kbps kowane layi, layi 250 kenan. In ɗaya cikin uku ne ke da babbar waya, B ta cika tun ranar farko, ga masu POS a kasuwa da samari masu kallon bidiyo da dare. Shi ya sa nake so tun yanzu a lissafa nauyin ƙarin eriyar 1800 MHz a jikin ƙarfen da wutarta a sola da batir, ko ba a ɗora ta bana ba.

Abin da ya rage daga wajenka: amincewa da mita 45 ɗin don a nemi takardar tsayi ta hukumar kula da jiragen sama NCAA, da TRX tara. Na bar mita 10 tsakanin ƙarfe da katangar gida mafi kusa, mai filin ya yarda. In an kunna zan zagaya da mota in auna, musamman hanyar arewa har bakin iyaka, zan kuma zauna ranar kasuwa in ga cunkoson B da idona kafin mu taɓa sunkuyon kowace eriya. Allah ya ƙara girma.