Ƙorafi kan N87,500 da aka cire min a asusu

Zuwa ga Manaja, reshen Kano
Laraba, 23 ga Oktoba 2024

Assalamu alaikum ranka ya daɗe, barka da aiki.

Ni ce Hajara Sani, mai asusun ajiya da ya ƙare da 4471 a reshenku. Ina rubuto muku ne kan kuɗina naira 87,500 da aka cire min ran Litinin 14 ga Oktoba 2024 da ƙarfe 11:42 na safe, kuma har yau shiru ba a dawo min da su ba.

Na je kasuwar Dawanau ne sayen wake da gero, na miƙa katina aka saka a POS na sa lambar sirri, na'urar ta yi ta juyi can ta fito da takarda an rubuta DECLINED, ban ma mayar da katin jaka ba sai ga alat ya shigo wai an cire 87,500. Mai kayan ya buɗe nasa asusun a gabana ya nuna min ba abin da ya shigo masa, kuma gaskiyarsa ne, ba zai ba ni kaya ba kuɗi ba. Dole na tura masa wata 87,500 ta waya daga wannan asusun dai da ƙarfe 12:05, wannan ita ce ta shiga. Kun ga sau biyu ke nan na biya kaya ɗaya, in kun duba bayanan asusuna za ku gan su a jere. Ta biyun ba ni da magana a kanta, ta farkon nake nema.

Na kira layinku aka ce in jira awa 24 za su dawo da kansu. Na zo banki na cike fom, yarinyar da ke teburin ta ce ana kan aiki, ko lambar ƙorafi ba a ba ni ba. To ranka ya daɗe a ƙa'idar CBN ai awa 72 ne a warware irin wannan matsala ta POS, mun wuce nan tuni. Ni abinci nake sayarwa, kuɗin nan jarina ne wallahi, yanzu bashi nake karɓo shinkafa da mai kafin in ɗora tukunya.

Abin da nake so a mayar min da 87,500 ɗina cikin asusuna cif-cif, in akwai wani caji da aka cira a kansu shi ma a haɗa. A turo min lambar ƙorafin nan ta tes a layin da nake samun alat, da ranar da kuɗin za su shigo. In kuma kun ce wai kuɗin sun je wajen mai POS, to a ba ni shaida a rubuce in kai masa.

Na haɗo da hoton rasit ɗin da hoton alat biyun. In sati biyu suka cika daga yau ban ji komai ba zan kai maganar sashen kare haƙƙin kwastoma na CBN.

Na gode, Allah ya taimaka.
Hajara Sani